Yadda ake kare hotunan sirri a wayar da mutane da dama ke amfani da ita

A gidaje da yawa a Najeriya, wayar hannu ɗaya ce ke yi wa mutum uku ko huɗu aiki. Uwa ce ta saya, amma ɗanta na duba sakamakon jarrabawa da ita, ƙaramar 'yarta na kallon katun, ƙanenta kuma na ara ya tura kuɗi idan tasa ta mutu. Da yamma a kai ta wurin mai caji, idan gilashinta ya fashe ta kwana a shagon mai gyara. Duk da wannan yawo da take yi, a cikinta ake ajiye abubuwan da a da sai a ƙasan akwati ake samunsu: hoton takardar lambar ɗan ƙasa ta NIN, hoton katin cire kuɗi gaba da baya, sakamakon gwajin asibiti, takardar fili, da hotunan da mace ta ɗauka a ɗakinta ba mayafi, waɗanda ba ta yarda kowa ya gani ba sai mijinta ko 'yan'uwanta mata.

Kamfanonin waya sun tanadi hanyoyin keɓe irin waɗannan hotuna, kuma kusan kowace waya ta zamani tana da aƙalla guda ɗaya. Sai dai an tsara yawancinsu ne bisa zaton cewa waya ta mutum ɗaya ce, kuma shi kaɗai ya san lambar buɗe ta. A gidan da kowa ya san wannan lamba, wasu daga cikin hanyoyin ba su tsare komai. Saboda haka abin da ya kamata a fara bincika game da kowace irin ma'ajiyar sirri shi ne mabuɗinta: da lambar buɗe wayar take buɗewa, ko tana da tata lambar daban?

Ɓoyewa daban, kullewa daban

Ana yawan haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya suke ba. Ɓoye hoto shi ne a kawar da shi daga inda ido ya saba kai wa, alhali yana nan a cikin wayar yadda yake. Kulle hoto kuwa shi ne a mayar da shi wani wuri da ba a shiga sai da mabuɗi, inda sauran manhajojin wayar ba su ganinsa ko kaɗan.

Misalin na farko shi ne zaɓin Hide albums da ke cikin manhajar Gallery ta wayoyin Samsung. Idan aka ɓoye kundin hotuna da shi, kundin zai ɓace daga jerin da ake gani, amma duk wanda ya shiga wannan zaɓin zai iya maido da shi ba tare da an tambaye shi wata lamba ba. Ko bai yi haka ba, manhajar My Files za ta nuna masa foldar da hotunan suke. Haka Archive na manhajar Google Photos yake. Aikinsa rage cunkoso ne a babban shafi, kuma hoton da aka kai can yana ci gaba da fitowa idan aka yi bincike, yana kuma nan a duk kundin da aka taɓa saka shi.

Akwai wata tsohuwar dabara da masu ɗan sanin waya ke yi a Android, ta sanya ɗigo a farkon sunan folda, ko ajiye wani fayil maras komai mai suna .nomedia a cikinta. Wannan yana sa manhajojin hotuna su tsallake foldar. Amma a manhajar fayiloli akwai zaɓin Show hidden files, wanda taɓawa ɗaya ke fito da komai fili, kuma yaran da suka tashi da waya a hannu sukan san shi fiye da iyayensu. Ɓoyewa tana hana a ci karo da hoto bisa kuskure, kamar lokacin da aka miƙa wa baƙo waya ya ga hoton biki sai ya ci gaba da jan yatsa. Ba ta hana mai nema da gangan.

Kulle mai aron mabuɗin ƙofar gida

Google ya fito da Locked Folder a shekarar 2021, da farko a wayoyinsa na Pixel, daga baya ya kai ga sauran wayoyin Android. Yana cikin manhajar Google Photos, wadda ke zuwa a kan yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel da Redmi da ake sayarwa a ƙasar nan. Ana samunsa a sashen Collections, a ƙarƙashin sunan Locked. A tsofaffin zubin manhajar kuma sai an bi ta Library, sannan Utilities. Kulle ne na gaske. Hoton da aka kai can ba ya fitowa a babban shafi, ba ya fitowa a bincike, ba ya cikin hotunan tuna baya da manhajar ke nunawa, kuma WhatsApp ko Facebook ba su ganinsa idan aka zo zaɓen hoton da za a tura.

Matsalarsa ga wayar gida ita ce ba shi da lambar kansa. Da abin da ake buɗe fuskar wayar ake buɗe shi, ko lamba ce, ko zanen da ake ja da yatsa, ko tambarin yatsa. Idan yaro ɗan shekara goma ya san lambar buɗe wayar mahaifiyarsa, to ya san lambar Locked Folder ɗinta. Kuma wasu kan yi zaton saka tambarin yatsa ya magance wannan, alhali kuwa a kowace waya lamba ce ginshiƙi: idan yatsa bai yi ba, wayar za ta ba da damar a shigar da lamba. Ban da haka, duk yatsan da aka taɓa yi wa rajista a wayar zai buɗe, ko na wane ne.

Haka lamarin yake a iPhone. Kundin Hidden ya daɗe a manhajar Photos yana buɗe ga kowa, sai a shekarar 2022, da zuwan iOS 16, Apple ya sa masa kulle, shi da kundin Recently Deleted. Yanzu sai da Face ID ko Touch ID ake shiga, kuma ana iya kashe zaɓin Show Hidden Album a saitin Photos domin kundin ya daina bayyana gaba ɗaya. A iOS 18 na shekarar 2024 an ƙara damar kulle manhaja ɗungurungum ta hanyar danne tambarinta a zaɓi Require Face ID. Amma duk waɗannan suna komawa ga lambar buɗe wayar idan fuska ba ta yi ba. Ga mai iPhone da wasu suka san lambarsa, hanyar da ta rage a cikin wayar ita ce manhajar Notes: ana iya saka hoto a cikin rubutu, a kulle rubutun da kalmar sirri ta daban wadda ba lambar wayar ba, sannan a goge ainihin hoton daga Photos da kuma Recently Deleted. Hanya ce mai wahala ga hotuna masu yawa, amma ta isa ga takardu huɗu ko biyar.

Wannan ba ya nufin Locked Folder da Hidden ba su da amfani. Suna aiki sosai ga wanda shi kaɗai ya san lambarsa, yana buɗewa ne da kansa ya miƙa wa wani na ɗan lokaci. Wanda aka miƙa wa ba zai iya shiga ba, domin za a sake neman lamba a ƙofar foldar.

Kulle mai mabuɗin kansa

Inda kowa ya san lambar wayar, sai a nemi ma'ajiyar da ke da tata lambar. Guda uku ne suka fi yawa.

Mafi sauƙin samu ita ce Safe folder da ke cikin manhajar Files by Google, wadda aka ƙara a shekarar 2020, kuma tana aiki a Android 8 zuwa sama. Tun asali Google ya bayyana cewa an yi ta ne saboda wuraren da ake amfani da waya ɗaya a tsakanin 'yan gida. Ana kafa ta da lamba mai alƙaluma huɗu ko da zane, kuma ba ruwanta da lambar fuskar waya. Tana kulle kanta da zarar an fita daga cikinta, kuma ba a iya ɗaukar hoton fuskar waya a ciki. Tana da tsauri a wuri ɗaya: wanda ya manta lambar ba shi da hanyar dawo da ita. Abin da kawai za a iya yi shi ne sake kafa foldar, wanda ke goge duk abin da ke ciki.

Mafi ƙarfi a cikinsu ita ce Secure Folder ta Samsung, wadda ke kan tsarin tsaron kamfanin mai suna Knox. Ta wuce folda, kusan waya ce ta biyu a cikin waya: tana da nata Gallery, nata Camera, nata My Files, kuma ana iya saka WhatsApp na biyu a ciki. Hoton da aka ɗauka da kyamarar ciki ba ya taɓa fitowa waje. Ana kafa ta daga Settings, a sashen Security and privacy, kuma sai an shiga da asusun Samsung. Abubuwa biyu ne suka cancanci lura a nan. Na farko, idan yatsun wasu na cikin rajistar wayar, gara a bar buɗewa da yatsa a kashe, a tsaya ga lamba ko kalmar sirri. Na biyu, akwai zaɓin sake saita lambar ta hanyar asusun Samsung idan an manta. Yana ceto mai mantuwa, amma yana nufin duk wanda ya san kalmar sirrin asusun shi ma yana da hanya. Sau da yawa kuwa ba mai wayar ba ne ya buɗe asusun, yaron shago ne ko wani ɗan'uwa ya buɗe masa ranar da aka sayi wayar. Akwai kuma saitin Auto lock, wanda ya fi dacewa a sa shi ya kulle duk lokacin da aka fita daga manhaja, kada ya jira sai fuskar waya ta mutu. Wasu ƙananan wayoyin Samsung masu araha ba su da Secure Folder ko kaɗan.

Ta uku ita ce Private space da ta zo da Android 15 a shekarar 2024. Ta yi kama da ta Samsung: wuri ne daban mai nasa manhajoji da nasa hotuna, kuma lokacin kafa ta wayar na tambaya ko a yi amfani da lambar fuska ko a zaɓi sabuwa. A wayar gida, sabuwa ake zaɓa. Ba dukkan kamfanoni ba ne suka saka ta a wayoyinsu.

Wayoyin Infinix da dama suna zuwa da XHide, na Xiaomi da Redmi kuma suna da Private album. Tsarinsu na sauyawa daga wannan zubi zuwa wancan, don haka gwajin da aka ambata a sama ne zai raba gardama: a kafa, a fita, a dawo a gwada shigar da lambar fuskar waya. Idan ta buɗe, to ba ta da mabuɗin kanta.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki misalin wata mai ɗinki a Mararaba, kusa da Abuja, mai wayar Tecno. Mijinta da 'ya'yanta biyu da yarinyar da ke koyon aiki a wurinta duk sun san lambar wayar, domin a ciki ake nuna wa masu kawo ɗinki samfurin kaya. Tana da hotuna 34 da take son keɓewa: 26 na ranar ƙunshin ƙanwarta da aka ɗauka cikin mata, 5 na takardun awon ciki, sai 3 na takardar NIN da katin banki.

Tun da lambar wayar ta zama ta kowa, Locked Folder ba zai yi mata ba. Sai ta buɗe Files by Google, ta gangara zuwa Collections, ta taɓa Safe folder, ta zaɓi lamba. Ba ta saka shekarar haihuwarta ba, ba ta saka ƙarshen lambar wayarta ba, ba ta kuma saka lambar katin bankinta ba, domin mijinta da babban ɗanta sun san ta. Alƙaluma huɗu na iya ba da lambobi 10,000, amma ɗan gida ba sai ya gwada dubu goma ba. Biyar ko shida zai gwada daga abin da ya sani game da ita. Bayan ta kafa, sai ta koma sashen Images, ta danne hoto ɗaya har ya sami alama, ta zaɓi sauran, ta taɓa ɗigo ukun da ke sama, ta zaɓi Move to Safe folder. Hotunan suka ɓace daga Gallery.

A nan ne yawancin mutane ke tsayawa, a nan ne kuma aka fi samun matsala, domin hoto ɗaya yakan kasance a wuri uku ko huɗu a waya ɗaya. Abin da ta kulle kwafi ɗaya ne kawai.

Ta fara da Google Photos. Idan Backup a kunne yake, to tun ranar da aka ɗauki hotunan an riga an kwafe su zuwa asusunta na Google, kuma mayar da na cikin waya zuwa Safe folder bai taɓa waɗancan ba. Da ta buɗe manhajar, sai ga hotunan ƙunshin duka 26 suna nan a babban shafi. Sai ta goge su daga can, sannan ta shiga Trash ta share su har abada, domin abin da aka goge yakan zauna a kwandon shara tsawon kwana 30 ko fiye kafin ya tafi da kansa. Kafin ta goge, ta koma Safe folder ta ƙirga ta tabbatar 34 ɗin sun cika. Wannan tsari na da muhimmanci: a kulle, a ƙirga, sannan a goge.

Daga nan sai WhatsApp. Hotunan awon cikin ta tura wa yayarta ne, saboda haka akwai kwafinsu a cikin hirar, akwai kuma wani a foldar da WhatsApp ke ajiye abin da aka tura. A wayoyin Android na yanzu ana samunta a nan:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media/WhatsApp Images/Sent
```

Gallery ba ya nuna wannan folda, shi ya sa mutane da yawa ba su san da ita ba, amma manhajar fayiloli na buɗe ta ba tare da wata lamba ba. Ta shiga ta goge biyar ɗin, ta koma cikin hirar ta goge saƙonnin. Hotunan ƙunshin kuwa, takwas daga ciki wata ƙawa ce ta turo mata, don haka suna cikin hirarsu da ƙawar; su ma ta bi su.

Saura ƙananan wurare. Hoton katin banki ta taɓa yanke gefensa kafin ta tura, wayar kuma ta ajiye yankakken a matsayin sabon hoto, ta bar na asali. Ɗaya daga hotunan NIN kuma yana foldar Download, wani yana Screenshots. Manhajar Gallery ta wayar ita ma tana da nata kwandon shara, daban da na Google Photos. Akwai kuma memori da ke cikin wayar, wanda ɗanta kan zare ya sa a tasa. Safe folder ba ta kare abin da aka bari a memori, kuma lambar fuskar waya ma ba ta bin sa idan aka zare shi.

Gwajin ƙarshe shi ne ta yi kamar ita ce mai neman hotunan. Ta buɗe WhatsApp kamar za ta tura hoto, ta duba jerin da aka nuna mata. Ta bincika ranar ƙunshin a Google Photos. Ta kunna Show hidden files ta leƙa foldodin da ke farawa da ɗigo. Da ba ta ga ko ɗaya ba, sai aikin ya kammala. Duka bai wuce rabin sa'a ba, kuma kafa foldar kanta minti biyu ne a ciki. Sauran lokacin farautar kwafi ce.

Domin kada gobe a koma gidan jiya, ta shiga saitin WhatsApp, sashen Chats, ta kashe Media visibility, wanda ke hana sababbin hotunan da aka turo fitowa a Gallery. Bai shafi waɗanda suka riga suka sauka ba. Hirarta da yayarta kuma ta sa mata Chat lock, wanda WhatsApp ya kawo a shekarar 2023. Shi ma da lambar waya ko yatsa yake buɗewa, sai dai idan an haɗa masa Secret code aka kuma zaɓi ɓoye jerin kullallun hirarraki, wanda daga nan sai an rubuta kalmar a wurin bincike suke bayyana.

Hatsarin da ke ɗaya ɓangaren

Wanda ya tsananta kulle yana fuskantar wata asarar, ta rasa hotunan gaba ɗaya. Mai ɗinkin nan yanzu kwafi ɗaya tak take da shi na hotunan bikin ƙanwarta, a cikin wayar da za a iya sacewa a tasha ko ta faɗa ruwa. Abin da ke cikin Safe folder ba ya hawa intanet. Haka Locked Folder yake idan ba a kunna masa Backup ba, damar da Google ya ƙara a shekarar 2023. Idan babu wannan, cire manhajar Google Photos, ko share bayananta da Clear data, ko mayar da wayar sabuwa da Factory reset, kowanne na tafiya da hotunan, kuma ba sa bin sauran kaya idan aka kwashe bayanai zuwa sabuwar waya.

Wannan yakan faru ne ba da mugun nufi ba. Waya ta cika, yaro ya ce zai rage mata nauyi, ya shiga jerin manhajoji yana share bayanansu ɗaya bayan ɗaya. Ko kuma waya ta fara ɗaukewa, mai gyara ya yi mata filashin ba tare da ya tambaya ba, domin shi bai ga wasu hotuna a ciki ba. Tun da hotunan a ɓoye suke, babu wanda zai san ya goge wani abu.

Maganinsa shi ne a raba hotunan gida biyu. Waɗanda ake iya sake samu, kamar takardar NIN da katin banki, babu laifi su zauna kwafi ɗaya. Katin banki ma gara kada a ajiye hotonsa ko kaɗan, domin lambobin gabansa da ukun da ke bayansa sun isa a yi sayayya da su a wasu shafukan intanet. Waɗanda ba su da madadi kuwa sai a kwafe su zuwa filas ko memori na daban a adana inda ake adana zinari da takardun gida. Wanda ya zaɓi kunna Backup na Locked Folder kuma ya sani cewa mabuɗin ya zama biyu: a wata wayar ko kwamfuta, mai kalmar sirrin asusun Google zai iya kaiwa ga foldar. A irin wannan hali ya dace a sauya kalmar sirrin, a kuma duba jerin na'urorin da asusun ke buɗe a kansu, a sashen Security na asusun, a fitar da duk wadda ba a gane ba. Tsohuwar wayar da aka ba ƙane kyauta ba tare da an cire asusu ba tana ci gaba da nuna duk sabon hoton da ya hau Google Photos.

Manhajojin da ake saukewa daga waje, irin masu kama da kalkuleta amma suna ɓoye hotuna, sun cancanci taka-tsantsan na musamman. Da yawansu sauya wa fayil suna kawai suke yi su tura shi folda mai ɗigo, wato ɓoyewa ce aka yi wa rigar kullewa. Suna neman izinin ganin dukkan hotunan wayar, suna cike da talla, kuma idan wani ya cire su bisa zaton kalkuleta ce ta biyu maras amfani, hotunan kan iya tafiya tare da su. Muddin wayar na da ma'ajiyar da ta zo da ita, ko tana ɗaukar Files by Google, babu dalilin miƙa hotunan sirri ga manhajar da ba a san mai ita ba.

Aro na ɗan lokaci, da ranar gyara

Ba kowane aro ne ke buƙatar folda ba. Idan za a miƙa wa mai kawo ɗinki waya ta ga samfuri, ko maƙwabci ya yi kira, Android na da App pinning a sashen tsaro na Settings, wanda ke kafe wayar a kan manhaja ɗaya, ba a fita sai an shigar da lamba idan an kunna wannan sharaɗi. A iPhone sunansa Guided Access, yana sashen Accessibility, kuma ana iya ba shi tasa lambar daban. Wasu wayoyin Android kuma suna da Multiple users, inda kowane ɗan gida ke da nasa ɓangare da lambarsa da hotunansa. Wannan shi ne ya fi dacewa da wayar da ake raba amfani da ita kullum, sai dai yana cin wuri, yana nauyaya ƙaramar waya, kuma kamfanoni da dama sun cire shi daga wayoyinsu.

Akwai iyakar da babu kullen da ke wuce ta. Hoton da aka riga aka tura wa wani ya fita daga hannun mai shi, ko da da View once aka tura, domin ana iya ɗaukar fuskar wayar da wata wayar. Idan wani ya yaɗa hoton sirri ko yana barazanar yaɗawa domin ya karɓi kuɗi, lamarin ya zama na hukuma. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da haƙƙin sirrin 'yan ƙasa, akwai Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, kuma rundunar 'yan sandan Najeriya na da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja da ke karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Abin da ake buƙata daga wanda abin ya shafa shi ne kada ya goge saƙonnin barazanar, domin su ne hujja.

Shagon gyara shi ne wurin da waya ke daɗewa a hannun baƙo fiye da ko'ina, kuma mai gyara yakan nemi lambar buɗewa domin ya gwada aikinsa. Da zarar an ba shi, Locked Folder da kundin Hidden sun buɗe masa, amma Safe folder da Secure Folder suna nan a kulle. Wayoyin Samsung na baya-bayan nan suna da Maintenance mode, na Pixel kuma Repair mode, waɗanda ke ba mai gyara wayar da ke aiki amma babu hotuna ko saƙonnin mai ita a ciki. Ga wayar da ba ta da wannan, sai a zare memori da layi, a gaya wa mai gyara tun farko cewa kada a yi filashin sai an tambaya, idan kuma sauya gilashi ne ko batir, a tsaya a wurin a buɗe masa da hannu lokacin gwaji. Idan dole ta sa an faɗi lambar, a sauya ta ranar da aka karɓo wayar.